Takardar kwangila ɗaya, kwafi uku: wanne ne sa hannunsa yake da inganci?

Hadiza Akanta:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a cikinmu kafin maigidana ya fitar da kuɗi. Kamfaninmu da ke Sharaɗa yana shirin sayen injin gyaran shinkafa daga wani kamfani na ƙasar waje, kuma sun aiko mana da takardar kwangila ta imel a matsayin PDF mai ɗauke da sa hannu na dijital. Da na buɗe ta da Adobe Acrobat Reader, sai wani layi ya bayyana a sama da alamar ruwan ɗorawa, an rubuta "At least one signature has problems." Daga baya na kai fayil ɗin wani shagon kwamfuta domin a rage masa nauyi, saboda shafin bankinmu ba ya karɓar fayil mai girma, sai kwafin da aka dawo mini da shi ya nuna jan alama da rubutun "At least one signature is invalid." Jiya kuma wani imel ya shigo da sunan kamfanin, ɗauke da abin da suka kira gyararriyar takarda, lambar asusun banki ta canza a cikinta, kuma ita wannan ba ta nuna wani gargaɗi ko kaɗan, har da koren maki a kusa da sa hannun. Maigida yana ganin ta ukun ce mai lafiya tunda ita kaɗai ce ba ta yi ƙorafi ba. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Shekaru ina wannan aiki a shagona da ke Titin Gidan Zu, kuma abin da na sani shi ne, kore yana nufin takarda ta gaskiya, ja yana nufin jabu, ruwan ɗorawa kuma matsalar kwamfutarki ce kawai. Maganin ruwan ɗorawa ba shi da wuya. Ki danna sa hannun, ki shiga Signature Properties, ki zaɓi Show Signer's Certificate, a ƙarƙashin Trust ki danna Add to Trusted Certificates, nan take zai koma kore. Haka muke yi wa masu kawo mana takardu kullum, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da kuka.

Injiniya Bashir:
Malam Nasiru, da girmamawa, ina roƙon Malama Hadiza kada ta taɓa wannan maɓallin tukuna. Matakan da ka lissafa daidai suke, kuma lalle alamar za ta koma kore, amma koren da mutum ya ba kansa da hannunsa ba shaida ba ce. Abin da maɓallin yake gaya wa manhajar shi ne, daga yau ta amince da mai wannan satifiket ɗin, wato shaidar dijital da ke ɗauke da sunan mai sa hannu, ba tare da tambaya ba. Ni da nake zaune a nan zan iya ƙirƙirar satifiket a kwamfutata cikin 'yan mintuna, in rubuta sunan kowane kamfani na ga dama a kansa, in sa hannu a takarda, kuma idan ka bi matakan nan naka, tawa ma za ta zama kore.

Malama, bari mu fara da ta ukun, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ina ne koren makin yake? A cikin shafin takardar kansa, kusa da sunan mai sa hannu, ko kuwa a layin da manhajar take fitarwa a saman allo? Sannan ki duba ko akwai maɓallin Signature Panel, kuma ki gwada danna sa hannun da linzami ki gaya mana ko wani akwati ya buɗe.

Hadiza Akanta:
A cikin shafin yake, Injiniya. Babu layi a sama ko kaɗan, babu Signature Panel, kuma da na danna sa hannun babu abin da ya faru.

Injiniya Bashir:
To, wannan takardar ba ta da sa hannu na dijital sam. Hoto ne aka liƙa, kuma koren makin ma wani ɓangare ne na hoton. Manhajar ba ta yi ƙorafi ba ne domin babu abin da za ta bincika. Hukuncin da ake dogaro da shi yana fitowa ne daga manhajar, a wajen shafin takarda, kuma duk abin da aka zana a cikin shafin, ko maki ne ko hatimi ko rubutun da ke cewa an tantance, kowa zai iya zana shi. Wannan bai tabbatar da cewa zamba ce ba, domin wani lokaci ma'aikaci yakan buɗe takarda mai sa hannu ya sake fitar da ita ta hanyar Print to PDF, wanda yake kwafe kamannin shafi ya bar sa hannun a baya. Amma idan aka haɗa abubuwa biyu, wato sa hannu ya ɓace kuma lambar asusu ta canza a lokaci guda, to wannan shi ne salon da masu kutse cikin imel na 'yan kasuwa suka fi amfani da shi. Kada a tura ko kwabo zuwa wannan asusun sai an yi magana da kamfanin ta lambar wayar da kuka riga kuka sani, ba wadda ke cikin sabon imel ɗin ba.

Alhaji Garba:
Allah ya saka da alheri. Ni ma irin wannan ta same ni. Na sa hannu da biro a takardar haya ta shagona a Kantin Kwari, yarona ya ɗauki hotonta da waya ya mayar da ita PDF, amma da aka buga sai sa hannun ya fito a dushe, har wanda zai karɓa ya ce bai yarda ba. Wace manhaja ce take sa sa hannu ya fito raɗau?

Abba:
Baba Alhaji, ranka ya daɗe, naka batun daban ne. Naka hoton sa hannun biro ne, kuma maganinsa shi ne a sake ɗaukar takardar a wuri mai haske ko a kai ta a yi sikanin. Wanda Anti Hadiza take magana a kai lissafi ne da aka ɓoye a cikin fayil, ko da babu wani zane a shafin yana nan.

Alhaji Garba:
To, madalla. Amma ni dai har yanzu ban ga yadda lissafi zai zama sa hannu ba. Ku ci gaba, ina saurare.

Injiniya Bashir:
Tambayar Alhaji ita ce za ta kai mu ga bambancin ta farko da ta biyu, don haka bari in amsa ta. Lokacin da mutum zai sa hannu, manhajarsa takan bi fayil ɗin bayit bayan bayit, wato ƙananan guntayen bayanin da suka haɗu suka zama fayil, ta fitar da wata gajeriyar lamba da ake kira hash, yawanci ta hanyar SHA-256. Halin wannan lambar shi ne, idan bayit ɗaya tak ya canza a fayil ɗin, lambar da za a samu ta zama wata dabam gaba ɗaya. Sai mai sa hannun ya yi amfani da mabuɗinsa na sirri, wanda shi kaɗai yake riƙe da shi, ya sa hannu a kan wannan lambar, a cusa sakamakon a cikin PDF ɗin tare da satifiket ɗinsa. Satifiket ɗin yana ɗauke da sunansa, da mabuɗinsa na fili wanda ake tantance sa hannun da shi, da sunan hukumar da ta ba shi.

Idan Malama Hadiza ta buɗe takardar, manhajarta takan yi tambayoyi biyu waɗanda ba su da alaƙa da juna. Ta farko, idan na sake lissafa hash yanzu, ya yi daidai da wanda aka sa wa hannu? Ta biyu, shi wannan satifiket, wa ya ba da shi, kuma na san mai bayarwar? Launin da ake gani a sama taƙaitawa ce ta amsoshin biyu a dunƙule, shi ya sa yake rikita mutane. Idan za a kwatanta da sana'ar Alhaji, dila ce ta iso da ɗaurinta ba a kwance ba, wannan amsar farko ke nan, amma ko tambarin da ke jikin dilar na masaƙar da ka yi ciniki da ita ne da gaske, wannan tambaya ce ta daban.

Malama, ki buɗe Signature Panel a kwafin farko da na biyu, ki faɗaɗa bayanin, ki kwafo mana jimlolin da ke ciki kamar yadda suke.

Hadiza Akanta:
A na farko akwai "Document has not been modified since this signature was applied", sai kuma wata doguwar jimla da ta fara da "Signer's identity is unknown", tana maganar cewa ba ya cikin jerin satifiket da na amince da su. A na biyu kuwa an rubuta cewa "Document has been altered or corrupted since it was signed". Na kuma tura wa Abba duka ukun domin ya duba su.

Abba:
Na gwada su da pdfsig, wani ƙaramin umarni da ke cikin poppler-utils a Linux. Ga abin da na farko ya bayar, na cire sunan mai sa hannun:

```
pdfsig kwangila1.pdf
  - Signing Hash Algorithm: SHA-256
  - Signed Ranges: [0 - 84210], [116980 - 122292]
  - Total document signed
  - Signature Validation: Signature is Valid.
  - Certificate Validation: Certificate issuer isn't Trusted.
```

Na biyu ya ce `Digest Mismatch`, na uku kuma ya ce fayil ɗin ba ya ɗauke da sa hannu ko ɗaya. Abin da ban gane ba shi ne giɓin da ke tsakanin 84210 da 116980. Ashe ke nan akwai wani sashe da ba a sa wa hannu ba? A ganina duk mai son yin maguɗi a nan zai ɓoye abinsa.

Injiniya Bashir:
Ka lura da abu mai kyau, Abba. Wannan giɓin shi ne gurbin da sa hannun kansa yake zaune, domin ba zai yiwu sa hannu ya lissafa kansa a cikin abin da yake sa wa hannu ba. Idan ka buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu ka nemi kalmar ByteRange, za ka ga lambobi huɗu kamar haka:

```
/ByteRange [0 84210 116980 5312]
```

Ma'anarsu ita ce, an fara daga bayit na 0 an ɗauki 84210, an tsallake gurbin, sannan daga 116980 an ɗauki 5312. Idan ka haɗa na ukun da na huɗun za ka samu 122292, kuma idan girman fayil ɗin ke nan daidai, to sa hannun ya rufe shi har ƙarshe. Wannan ne dalilin layin `Total document signed`. Da a ce girman fayil ɗin ya wuce haka, da ya rubuta `Not total document signed`, wato an ƙara wani abu bayan an sa hannu.

Zarginka kuwa ba na banza ba ne. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun nuna cewa za a iya yaudarar 21 daga cikin manhajoji 22 na kwamfuta da suka gwada, su nuna sa hannu a matsayin mai inganci alhali an canza abin da ke shafin, kuma wasa da waɗannan lambobi na ByteRange yana cikin dabarun da suka yi amfani da su. Ba lissafin sirrin suka karya ba, sakacin manhajojin wajen dubawa suka ci moriyarsa. An toshe waɗannan kafofi a sababbin fitowa, don haka duk wanda yake tantance takardar kuɗi da tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba shekara da shekaru, korensa ma abin a sake dubawa ne.

Yanzu ga hukuncin kwafi biyun. Na farko lafiyarsa ƙalau ta fuskar abin da ke ciki, babu bayit ɗin da ya motsa tun da aka sa hannu, saura sanin ko wane ne ya sa. Na biyu ya karye, kuma mun san wanda ya karya shi: shagon da ya rage nauyi. Rage nauyi yana nufin a matse hotuna a sake rubuta fayil ɗin daga farko, don haka ko da kowane harafi a shafin yana nan yadda yake, bayit ɗin sun canza, hash ya canza. Haka abin yake idan aka haɗa takardar da wata, ko aka cire shafi, ko aka adana ta da manhajar da ke sake tsara fayil gaba ɗaya.

Malam Nasiru:
Injiniya, a nan fa ban yarda ba. Idan har rage nauyi kawai yana jawo ja, kuma canza lambar asusu ma yana jawo ja, to mene ne amfanin jan? Ba ya bambanta mai laifi da marar laifi. Mu da muke rage wa mutane nauyin takardu kullum sai a mayar da mu masu ɓata takarda. Kuma na sha ganin takarda mai sa hannun mutum biyu, na biyun ya sa nasa bayan na farko, amma ba ta yi ja ba. Ashe wannan ba canji ba ne?

Injiniya Bashir:
Gaskiyarka a rabin farko. Jan ba ya faɗin abin da ya canza, ba ya faɗin wanda ya canza, ba ya kuma faɗin niyyarsa. Abin da yake faɗi kawai shi ne, wannan fayil ɗin ba shi ne wanda aka sa wa hannu ba, saboda haka kada a jingina komai a kan sa hannun. Wanda ya ce ja yana nufin jabu ya wuce gona da iri, wanda kuma ya ce ai rage nauyi ne kawai, a yi amfani da ita haka, shi ma ya yi kuskure, domin da zarar ta karye babu yadda za a tabbatar daga cikinta cewa rage nauyin ne kaɗai ya faru. Ba a gyara karyayyen sa hannu. Ana komawa ne ga asalin fayil, ko a nemi mai shi ya sake sa hannu.

Batun mutum biyu kuwa, tsarin PDF yana ba da damar a ƙara abu a ƙarshen fayil ba tare da an taɓa bayit ɗin da suka gabata ba. Sa hannu na biyu, ko cike gurbin fom, ko ɗan sharhi da aka liƙa, duk a wutsiyar fayil ake rubuta su. Sa hannun farko yana nan daram a kan sashen da ya rufe, sai dai manhajar ta sanar cewa an yi ƙari daga baya. A irin wannan hali, a cikin Signature Panel akwai "Click to view this version", wanda zai nuna maka takardar kamar yadda take a lokacin da aka sa wannan hannun. Abin da ya kamata ka karanta ke nan, ka gwada shi da abin da kake gani yanzu, musamman wuraren kuɗi da kwanan wata da lambar asusu. Akwai kuma nau'in sa hannu na shaidar marubuci, wanda mai takardar yake ƙayyade abin da ya halatta a ƙara: ko babu komai, ko cike fom da sa hannu kawai, ko waɗannan tare da sharhi. Idan ya zaɓi babu komai, to ko ɗan sharhi aka ƙara, manhajar za ta ce shaidar ta lalace.

Barista Ummi:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina da nawa lamarin da ya ɗan bambanta. Akwai wata yarjejeniya a ofishinmu da aka sa wa hannu a 2021. Na tuna sarai kore take nunawa a lokacin. Watan jiya na buɗe ta daga inda muka adana, babu wanda ya taɓa ta, sai na tarar da ruwan ɗorawa. Idan takarda za ta iya sauya launi tana ajiye, yaya zan tsaya a gaban alƙali in dogara da ita? Sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da sa hannu na lantarki, amma amincewar doka daban, iya tabbatarwa a ranar da ake buƙata daban.

Injiniya Bashir:
Barista, wannan ita ce tambaya ta uku da ban kawo ba ɗazu, wato tambayar lokaci. Satifiket yana da wa'adi, sau da yawa shekara ɗaya zuwa uku, kuma hukumar da ta ba da shi tana iya soke shi kafin wa'adin idan mabuɗin ya faɗa hannun wani. Lokacin da kika buɗe takardar a 2021, manhajar ta tambayi hukumar ta intanet ko an soke satifiket ɗin, ta hanyar OCSP ko jerin sokewa na CRL, aka ce mata ba a soke ba. Yau wa'adinsa ya wuce, kuma hukumomi ba lalle ne su ci gaba da amsa tambaya a kan satifiket da ya ƙare ba. Idan ba a cusa amsar wancan lokacin a cikin fayil ɗin ba, manhajar ba ta da hujjar da za ta riƙe. Ki duba abu biyu a bayanin sa hannun. Shin an rubuta "Signature is LTV enabled", wato an cusa waccan amsar a cikin fayil ɗin? Sannan game da lokaci, shin an ce akwai hatimin lokaci da aka cusa, ko kuwa an rubuta "Signing time is from the clock on the signer's computer"?

Barista Ummi:
Na duba. An ce ba ta da LTV, kuma lokacin daga agogon kwamfutar mai sa hannu ne.

Injiniya Bashir:
To kin ga inda gizo ke saƙar. Agogon kwamfuta kowa yana iya mayar da nasa baya, don haka wannan kwanan watan iƙirarin mai sa hannu ne kawai. Hatimin lokaci kuwa wata hukuma ce ta daban take sa nata hannun a kan cewa wannan hash ya wanzu a wannan sa'ar, shi ne yake ba da damar a ce an sa hannu tun satifiket yana da rai. Takardarki ba ta karye ba, kuma layin da ke cewa ba a canza ta ba yana nan da ƙarfinsa. Abin da ya raunana shi ne hujjar lokaci da ta rashin sokewa. Ga takardun da za a ajiye shekaru, tun ranar karɓa ya kamata a duba waɗannan layuka biyu, idan babu a nemi a sake sa hannu da su.

Barista Ummi:
Na fahimci bayanin, amma ban gamsu cewa raunin ya kai yadda kake nunawa ba. A kotu ba launi kaɗai ake kallo ba. Akwai imel ɗin da aka aiko takardar da shi, akwai biyan kuɗin da ya biyo baya, akwai shaidar waɗanda suka yi aiki da yarjejeniyar, ga kuma sharuɗɗan sashe na 84 game da shaidar da ta fito daga kwamfuta. Wanda ya ci moriyar yarjejeniya shekaru ba zai zo ya tsere mata don alama ta koma ruwan ɗorawa ba.

Injiniya Bashir:
Wannan fagenki ne, Barista, ba zan ja da ke ba. Ni dai abin da fayil ɗin shi kaɗai zai iya tabbatarwa nake faɗi.

Hadiza Akanta:
Ku gafarce ni in dawo da mu kan tawa, domin maigida yana jira. Na gane a jefar da ta biyu, a yi hattara da ta uku. Ta farkon fa, yaya zan san ko kamfanin ne ya sa hannu da gaske, tunda an hana ni danna maɓallin Malam Nasiru?

Injiniya Bashir:
Ki fara da mai sauƙi. Adobe yana da jerin hukumomin da ya amince da su, wanda ake kira AATL, da kuma jerin Tarayyar Turai, EUTL, kuma manhajar takan sauko da su ta intanet. Kwamfutar da aka sa wa manhajar kwanan nan, ko wadda ba ta cika samun intanet ba, tana iya rasa su. Ki shiga Preferences, ki zaɓi Trust Manager, ki danna Update Now a ƙarƙashin kowanne, ki rufe takardar ki sake buɗewa. Idan ta koma kore ta wannan hanyar, to kore ne mai tushe, domin wata hukuma da aka bincika ce ta tsaya wa mai sa hannun. Ko a nan ma sai ki karanta sunan da ke kan satifiket ɗin da idonki, saboda kore yana tabbatar da cewa mai wannan sunan ne ya sa hannu, ba ya tabbatar da cewa sunan na kamfanin da kuke ciniki da shi ne. Ɗan damfara ma yana iya sayen satifiket na gaske da sunan wani kamfani nasa mai kama da na asali.

Idan ta ƙi komawa, sai ki buɗe Show Signer's Certificate ki dubi jerin da ke gefen hagu. Idan suna ɗaya ne tak, kuma mai bayarwa da wanda aka bai wa duk ɗaya ne, to mutumin ne ya yi wa kansa satifiket. Idan akwai suna a samansa, wataƙila hukumar cikin gida ce ta kamfanin ko ta ƙasarsu wadda ba ta cikin jerin Adobe, kuma hakan ba laifi ba ne a karan kansa. A duka halin biyu hanya ɗaya ce: a ƙarƙashin Details akwai doguwar lambar da ta keɓanta da wannan satifiket. Ki kira mutumin da kuka saba magana da shi a kamfanin, ya karanto miki tasa daga wajensa, ki gwada da taki harafi bayan harafi. Idan sun dace, a lokacin ne maɓallin Malam Nasiru ya halatta.

Malam Nasiru:
Ashe dai ƙarshenta maɓallina za a danna. Na yarda da batun kiran waya idan kuɗi masu yawa ne, amma ina ganin ba kowace takarda ce ta cancanci wannan wahalar ba. Ɗalibin da ya kawo takardar makaranta yana sauri, wa zai kira?

Abba:
Shi ɗalibin ai ba shi ne mai tantancewa ba, Malam, wanda zai karɓi takardar ne, kuma koren da aka kunna a kwamfutar shagonka ba ya bin fayil ɗin zuwa ko'ina, a kwamfutarka yake tsayawa. Wani abin kuma, Anti Hadiza, kada a dogara da buɗe ta a waya ko a cikin burauza, domin da yawansu suna nuna zanen sa hannun ne kawai ba tare da sun bincika komai ba. A can duka kwafin ukun iri ɗaya za su bayyana.

Hadiza Akanta:
Ga inda aka kwana. Na sabunta jerin, alamar ba ta canza ba. A satifiket ɗin akwai suna biyu, na jami'in da ya sa hannu da na wata hukuma a samansa mai ɗauke da sunan kamfanin. Maigida ya kira wakilinsu ta lambar da ke tsohuwar takardar cinikinmu ta bara. Wakilin ya ce ba su aiko da wata gyararriyar takarda ba, asusunsu bai canza ba, kuma za su binciki akwatin imel ɗinsu, mu ma ya ce mu binciki namu mu canza kalmar sirri. Lambar satifiket kuwa ya ce bai san inda ake ganinta ba, sai ya tambayi sashensu na kwamfuta, don haka wannan yana nan a rataye zuwa Litinin.

Matsalar da na fara da ita ma tana nan. Wannan kwangilar kanta ba ta da nauyi, takardun bayanin injin da za a haɗa mata ne suka sa jimillar ta wuce iyakar shafin bankin, kuma shafin fayil ɗaya kawai yake karɓa. Idan na haɗa su sa hannu ya karye, idan na matse ya karye.

Injiniya Bashir:
Hanya biyu nake gani. Ko dai kamfanin su haɗa takardun su matse su tukuna, sannan su sa hannu a kan fayil ɗin ƙarshe, domin sa hannu shi ne aikin da ake yi a ƙarshe. Ko kuma ki tambayi jami'in asusunku ko zai karɓi asalin kwangilar ita kaɗai ta imel, ki ɗora sauran a shafin. Tunda za su kira ku ranar Litinin a kan lambar satifiket, ki haɗa da roƙon farko, ki kuma nemi su sa hatimin lokaci a wannan karon. Idan sabon fayil ya iso, ki tura wa Abba shi a matsayin fayil, ba hoton allo ba, ya duba ko girmansa ya yi daidai da jimillar lambobi biyu na ƙarshe na ByteRange.